Gefen Takardar Radiya

Ranar da aka karanta sakamakon jarrabawa a makarantar matan aure ta unguwar Kusfa, Radiya na zaune a ƙarshen tabarma kusa da randar ruwa, wurin da ta saba zama tun da ta shiga makarantar. Hajiya Nafisa, shugabar makarantar, ta tsaya a bakin zaure da waya a hannu tana kiran sunayen waɗanda suka ci. Duk wadda aka kira sai sauran su yi mata guɗa ƙasa-ƙasa, saboda masallaci na jikin katangar. An kira mata goma sha tara. Radiya ta yi ta sauraro har Hajiya ta kashe wayar ta sa a jaka, ba ta ji sunanta ba.

Makarantar zaure ne da rumfa ɗaya a wani tsohon gida, wata ƙungiya ce ke kula da ita daga Kaduna. Dokar ƙungiyar ita ce malamar aji ba ta duba takardun ɗalibanta, don kada a ce an yi son kai. Ana ɗaukar hoton kowace takarda da waya a tura wa wani malami a can, Malam Ƙasimu, wanda matan ba su taɓa ganin fuskarsa ba, shi ke ba da maki. Takardun na asali kuwa sai a kulle su a kabad, makulli a hannun Hajiya. Wadda ta sami hamsin ta wuce aji uku. Wadda ta gaza sai ta ba da wuri ga sababbi, domin masu jiran shiga sun fi tabarmin yawa, ta zauna gida shekara guda kafin ta sake neman a rubuta sunanta. Radiya arba'in da ɗaya aka ce ta samu.

Shekara guda a gida, abin da ya tsaya mata a rai ke nan. Daga wani ƙauye ta wajen Giwa aka kawo ta cikin birni shekara uku da suka wuce. Mijinta Ya'u direban babbar mota ne, yana zuwa kudu, in ya tafi sai ya yi sati uku ko huɗu. Gidan daga ita sai Gwaggo, ƙanwar mahaifinsa, tsohuwa mai kirki wadda kunnenta ya mutu, sai an taɓa kafaɗarta take sanin ana magana. Allah bai ba Radiya haihuwa ba tukuna. Ba ta iya shiga gidajen maƙwabta, in ta shiga ma ba ta san abin da za ta ce ba. Wani lokaci sai ta yini ba ta ji muryarta da kunnenta ba, in ba a salla ba. A makaranta ne kaɗai ake kiran sunanta sau huɗu a sati, ta ce, “Na'am.”

Da aka tashi, Malama Jummai, malamar aji biyu, ta ce waɗanda ba su ci ba su tsaya kowacce ta ga inda ta faɗi, domin Malam Ƙasimu ya dawo da hotunan da jan alama a kai. Su bakwai ne. Wata Fa'iza mai yawan barkwanci ta duba nata ta ce ita dama ta sani, lissafi da ita ba sa ga maciji tun tana yarinya, gara ta koma ga tuyar wainarta. Aka yi dariya. Da layi ya zo kan Radiya sai Malama ta miƙa mata wayar tana cewa ita abin ya ba ta mamaki, don duk ajin ba wadda ta kai ta natsuwa.

Radiya ta riƙe wayar da hannu biyu. Takardarta ce, ga sunanta, amma kamar ba ita ba. Ƙasan takardar ya yi faɗi, samanta ya tsuke, rubutun can sama ƙanana ne dishi-dishi. Gefen dama ya naɗo ciki kamar busasshen ganyen masara, kuma wata inuwa ta kwanta daga jikin naɗin har kusan tsakiyar shafi. Ta nemi tambayar ƙwai, wadda aka ce kwando biyar, kowanne da ƙwai ashirin da biyar. Ta tuna sarai ɗari da ashirin da biyar ta rubuta, har ta sake ƙirgawa da yatsu a ƙarƙashin hijabi. A hoton ɗaya da biyu ne kawai suka fito. Biyar ɗin ta shige ƙarƙashin naɗin. Malam Ƙasimu ya zagaye sha biyun da ja ya soke.

Bakinta ya buɗe, sai Malama ta ce ta yi sauri akwai wasu a baya. Radiya ta miƙa wayar, ta ce ta gode, ta sa takalmi ta fita.

A hanyar gida, cikin lungunan da ruwan damina ya cika da taɓo, ta riƙa tuna ranar jarrabawar. Ita ce ta ƙarshe wajen miƙa takarda, saboda ba ta da sauri, don haka tata ce a saman duka. Hadari ya haɗu a lokacin, Hajiya kuma ta tafi gaisuwar mutuwa a Tudun Jukun da makullin kabad. Malama Jummai ta naɗe takardun gaba ɗaya kamar tabarma, rubutu daga ciki, ta ɗaure da roba ta cusa a jaka ƙarƙashin hijabi don kada ruwa ya taɓa su. Kwana uku suka yi a naɗe kafin Hajiya ta dawo, Malama ta ɗauki hotunan. Wadda ke sama ita ce a can cikin naɗin, ita ta fi kowacce lanƙwasa.

Ita ma Radiya tana da nata laifin, ta san haka. Karatunta na farko a allo ne, kuma malaminsu na ƙauye ba ya yarda a bar gefen allo fari, cewa yake ɓarna ce. Sai ta taso tana cika takarda har bakinta. Amsar lissafi kuwa kullum can ƙarshen hannun dama take kai ta. Ga shi ba ta danna fensir. Malama ta sha gaya mata rubutunta kamar maganarta ne, sai an kasa kunne.

Ta isa gida ta tarar da Gwaggo na gyaran zogale a tsakar gida. Tsohuwar ta ɗaga kai ta yi mata tambaya da ido. Radiya ta girgiza kai. Gwaggo ta ce Allah ya sa haka ya fi alheri, da ƙarfi irin na wanda ba ya jin kansa, ta ci gaba da aikinta. Radiya ta gwada kiran Ya'u sau biyu, wayar ba ta shiga ba.

Washegari Litinin ba ta da inda za ta je. Ta gama shara da wanke-wanke tun hantsi, ta zauna a bakin ƙofa, sai ta ɗauko littafinta ta yage shafi ɗaya. Ta rubuta lambobi har bakin takardar yadda ta saba, ta naɗe ta ɗaure da zare, ta ajiye har bayan azahar. Akwai tsohuwar wayar da Ya'u ya bar mata, mai tsagaggen gilashi, amma tana ɗaukar hoto. Ba don tana da wata dabara ta fara ba. Tana so ne ta tabbatar wa kanta ba mafarki ta yi ba da ta rubuta biyar ɗin nan.

Ta warware takardar ta ajiye a ƙofar ɗaki inda haske ke shigowa ta gefe. Gefen ya tashi ya rufe lambar ƙarshe, ya kuma jefa inuwa a kan na kusa da ita. Da ta sunkuya daidai saman takardar sai inuwar kanta da ta wayar suka faɗo a kai. Ba ta san lokacin da ta ja baya ta karkata wayar don ta kauce wa inuwar ba. Ta ɗauka ta duba, sai ga irin hoton Malama sak, ƙasa da faɗi, sama a tsuke. A nan ta gane ba sakaci Malama ta yi ba, inuwa take gudu.

Ta lura da wani abu kuma. Idonta yana iya karanta abin da ke cikin inuwar a kan takarda, amma a hoton ba ya karantuwa. Wayar tana bin wurin da ya fi haske ne, sai wurin inuwa ya yi duhu, fensir mara ƙarfi ya narke a ciki. Haka in ta karkata, wayar na kama na kusa da kyau, na nesa ya dushe.

Sannan ta tuna sashen farko na jarrabawar, inda aka jera jimloli goma a hagu, ana rubuta “gaskiya” ko “ƙarya” a dama, babu layi babu lamba a wajen amsar. Ta ga ja ya yi yawa a wurin, ta rasa dalili, don sashen ne ya fi mata sauƙi. Ta rubuta irinsa ta naɗe ta ɗauka a karkace. Amsar farko ta ɓace a kusurwar da ta naɗe, sauran kuma suka hau sama kaɗan saboda karkatar, ta biyu ta zo daidai jimla ta ɗaya, ta uku daidai ta biyu. Duk wanda ya bi su da ido zai ɗora kowace amsa a kan tambayar da ba tata ba.

Ta yi ta gwaji har yamma. A cikin rana takardar ta yi fari fat tana ƙyalli, inuwar wayar baƙa ƙirin a kanta. A cikin ɗaki duhu ya yi yawa, wayar na ɗan motsawa hoton ya gauraye. Sai da safen Talata ta samu. Ta kwanar da takardar a ƙarƙashin dutsen guga mara wuta, ta shimfiɗa ta a kan faifai a inuwar rumfa, inda haske ke zuwa ta ko'ina amma rana ba ta taɓawa, ta danne kusurwa huɗu da cokula, ta riƙe wayar a kwance daidai saman tsakiyar, gwiwar hannunta a jikin cinyarta. Kowace lamba ta fito, har ta bakin takarda. Gwaggo ta leƙo ta ga cokula a kan takarda ta tambaya ko magani ne aka ba ta. Radiya ta yi dariya ita kaɗai.

Dariyar ba ta daɗe ba. Hajiya ta ce ranar Alhamis za ta tura sunayen aji uku Kaduna, daga nan an rufe. Kuma ba yadda za a yi maganar ta fito ba tare da an ce Malama Jummai ce ta ɗauki hoto ba daidai ba. A shekaru Malama ta haife ta. Shekara takwas tana koyarwa a zauren nan don Allah, ita ce ta kama hannun Radiya ta koya mata rubuta sunanta da boko. Sau biyu Radiya na sa hijabi ranar Talata tana cirewa. Laraba da hantsi ta sa, ta taɓa kafaɗar Gwaggo ta nuna mata ƙofa, ta fita kafin ta sake shawara.

Gidan Malama na wajen Ƙofar Doka. Ta same ta tana tankaɗe. Aka gaisa, aka tambayi Gwaggo, aka tambayi maigida da hanya, aka yi maganar ruwan bana. Radiya ta sha ruwan da aka kawo mata har ya ƙare ba ta faɗi abin da ya kawo ta ba. Malama ta ajiye rariya ta ce in maganar jarrabawa ce ta yi haƙuri, shekara kwana ce.

Radiya ba ta iya haɗa jimlar da ta shirya ba. Sai ta ciro wayar ta nuna hoto biyu, na farko da na ƙarshe, ta ce takarda ɗaya ce. Ta roƙi Malama ta karanta lambar da ke layi na uku a kowanne. Malama ta sa tabarau. A na farko ta ce talatin da shida. A na biyu sai ta ga ɗari uku da sittin da huɗu ne.

“Wato ni na kayar da ke ke nan,” in ji Malama.

“A'a, Malama. Ruwa kika kare mana. Ni ce na rubuta a baki.”

“To me kike so a yi? In kira mutumin Kaduna in ce masa tsohuwa ba ta iya riƙe waya ba?”

Radiya ta sunkuyar da kai. Ta ji hawaye na zuwa, ta danne. Ta ce, “Biyar ɗina tana cikin kabad, Malama. A duba kawai. In babu, ba zan ƙara magana ba.”

Malama ta sake duba wayar. Ta buɗe tata ta nemo hoton takardar Radiya, ta ja shi da yatsa biyu ya ƙara girma, amma girman bai fito da abin da ke ƙarƙashin naɗin ba. Ta ce ranar nan sauri take, la'asar ta gabato, takarda ashirin da shida, kowacce in ta sake ta sai ta koma ta naɗe, hannu ɗaya na riƙe da waya ɗaya na fama da hijabi. Ta ce ta ga hotunan ba su yi kyau ba, amma ta ɗauka mai ilimi irin Malam Ƙasimu zai gane. Daga nan ta miƙe ta karkaɗe garin da ke zaninta, ta ce Radiya ta jira ta sa mayafi.

Hajiya Nafisa ba ta so ba da farko. Ta ce in aka buɗe wannan ƙofa kowace mai faɗuwa za ta ce inuwa ce. Malama Jummai ta ce to a buɗe kabad ɗin tukuna. Takardun na nan a naɗe da robarsu, yadda aka mayar da su bayan hoto. Hajiya da kanta ta zaro ta ciki, ta danne gefen da babban yatsa. Biyar na nan, siririya, a bakin takardar.

Aka kira Malam Ƙasimu, Hajiya ta buɗe muryar wayar kowa na ji. Malama Jummai ce ta yi bayani, ba ta rage komai ba. Mutumin ya ce shi abin da ido ya gani yake yi wa maki, ba shi da ikon ƙara lambar da bai gani ba, in ya fara zato to ba jarrabawa ba ce kuma. Amma ya ce shi ma da nasa, ya kamata da ya ga gefen a naɗe ya ce a sake ɗauka, sai dai makarantu tara ne a kansa a satin. Ya yarda a sake turawa da sharaɗi: Hajiya na tsaye, kada mai takardar ta taɓa ta, a ɗauki shafin duka har kusurwa huɗu su fito, kuma a tura hoton a matsayin fayil yadda yake, domin turawar da aka saba tana rage masa kyau, siririn fensir ya ƙara ɓacewa. Zai gwada sabon da tsohon, in ya ga an ƙara ko ɗigo, magana ta mutu.

Malama ta ce ba ta Radiya kaɗai ba, duka bakwai ɗin za a sake.

Aka aro dutsen guga a cikin gida aka danne takardun tsakanin littattafai biyu har bayan azahar. Da za a ɗauka Malama ta nufi bakin zaure inda ta saba. Radiya, da hannayenta a cikin hijabi don kada a ce ta taɓa, ta ce a hankali ko za a koma rumfa. Aka koma. Ta ce a sa wani abu a kusurwoyin, kada ya hau rubutu. Hajiya ta kawo makullai da murfin biro da ƙananan duwatsu biyu. Malama ta ɗaga waya, ta fara karkata ta bisa sabo.

“Malama, a kwance. Kamar za ki rufe tukunya.”

“Ji ɗaliba,” in ji Malama tana duban Hajiya. “Shekara biyu ban ji muryarta ba, yau ita ke ba da darasi.”

Bayan kowane hoto sai Malama ta ƙara girmansa ta bi gefen dama daga sama har ƙasa, ta karanta da baki, kafin a ɗaga takardar. Biyu sai da aka sake su. Aikin da ya ci minti goma a wancan karon ya kai su har la'asar.

Amsa ba ta zo ba sai Alhamis da hantsi. Malama Jummai ce ta kira, karon farko da wayar nan ta yi ƙara da wata lamba ba ta Ya'u ba. Ta ce sittin da takwas. Ta ce wata ɗaya ma ta haye da hamsin da biyu, sauran biyar kuwa faɗuwarsu ta gaskiya ce, har da Fa'iza, wadda ta ce ita inuwa ma taimakonta ta yi da ta ɓoye wasu amsoshin. Ta ce Asabar aji uku za su fara, ta zo da biro, kuma ta bar wa takarda gefe, ba allo ba ce.

Radiya ta ajiye wayar a kan tabarma. Gidan shiru, sai kaji a bayan ɗaki. Ta kira Ya'u, aka ce ba a samun lambar. Ta sake kira, haka. Gwaggo na barcin hantsi a rumfa, bakinta a ɗan buɗe, Radiya ta tsaya a kanta ta ɗaga hannu za ta taɓa kafaɗarta, sai ta fasa, ta bar ta ta huta.

Ta koma bakin ƙofarta ta zauna da littafi a cinya. Ta auna yatsa biyu daga bakin shafin, ta ja layi daga sama har ƙasa, ta juya ta ja a na gaba. Tana cikin shafi na shida Gwaggo ta farka ta tambaya da ƙarfi ko an ɗora abinci. Radiya ta tashi ta ɗora.